Yadda Sakatare Zai Rubuta Ƙorafin Ƙa'ida Da Hukuncin Shugaba A Rahoton Taro

A Majalisar Tarayya da ke Abuja ana fitar da takardu iri biyu bayan kowane zama: Hansad, mai ɗauke da jawaban 'yan majalisa filla-filla, da kuma taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar. Aikin sakataren ƙungiya iri na biyun ne. Sai dai yakan manta da haka da zarar wani ya miƙe yana cewa an saɓa wa ƙa'ida.

Mu ɗauka wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce a Tudun Wada, Zariya, take taron wata. Ma'aji ya kawo ƙudirin ƙara kuɗin wata daga naira 500 zuwa 1,000. Wani mamba ya ce ba a sanya batun a takardar gayyata ba, alhali sashe na 12 na tsarin mulkin ƙungiyar ya buƙaci sanarwar kwana 14. Aka kwashe minti arba'in ana ce-ce-ku-ce kafin shugaba ya yi magana.

Abin da ya kamata ya shiga littafi bai wuce wannan ba: “Wane ya yi ƙorafin cewa ƙudirin ya saɓa wa sashe na 12, domin ba a ba da sanarwar kwana 14 ba. Shugaba ya amince da ƙorafin saboda batun ba ya cikin takardar gayyata, ya ɗage shi zuwa zama na gaba.” Habaicin da aka yi wa juna kuwa, a bar shi a zauren.

Dalilin hukuncin ne aka fi mantawa, shi ne kuma ya fi tsada. Littafin ƙa'idojin taro na Henry Robert, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1876, ya tanadi a bugunsa na yanzu cewa a rubuta kowane ƙorafi, ko an karɓa ko an yi watsi da shi, tare da hujjar shugaba. Hikimar a fili take: baɗi wani zai kawo makamancin ƙudirin, kuma da hukuncin bana za a auna shi. In kuwa rigima ta kai kotu, rahoton da shugaba ya sa wa hannu hujja ne. Jimlar nan da aka saba gani, “an tattauna sosai, daga baya aka fahimci juna”, ba za ta amfani alƙali da komai ba.

Idan mambobi suka ƙalubalanci hukuncin aka kaɗa ƙuri'a, sai a ƙara layi guda: an tabbatar da hukuncin shugaba da ƙuri'a 31, masu adawa 9.

Wanda ya fake da ƙa'ida don kawai ya ce ƙarin ya yi yawa, ra'ayi ya faɗa. Ya isa a rubuta cewa shugaba ya ƙi ƙorafin domin bai shafi ƙa'ida ba. In kuma hayaniya ta hana sakatare jin hukuncin, ya roƙi shugaba ya maimaita shi nan take, kafin a shiga batu na gaba.