Saƙon gaggawa ya katse a tsakiya: abin da ya kamata a fara tambaya

A ɗauka wata mata a Kano ta samu saƙon WhatsApp da ƙarfe tara na dare daga ƙaninta da ke hanyar Zariya: "Yaya motarmu ta yi hatsari muna kusa da". Daga nan shiru.

Abu na farko da ya kamata ta sani shi ne WhatsApp ba ya tura rabin rubutu. Ko saƙo ya tafi gaba ɗaya, ko kuma ya maƙale a wayar mai shi. Ke nan ba matsalar sabis ce ta yanke maganar ba, hannunsa ne ya taɓa wurin turawa kafin ya gama. Watakila sauri yake yi, watakila kuma wani abu ya same shi. Don haka a ɗauke shi a matsayin wanda ke cikin haɗari har sai an ji akasin haka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne jero tambayoyi: me ya faru, wa ke tuƙi, motar wa ce? Mai rauni ko mai ƙarancin caji ba zai iya amsa su ba. Tambayoyi uku ne ke gaba, kowace a saƙonta: "Ka ji rauni? Rubuta 1 in e, 2 in a'a." Sai "Kana ina?" Sai "Zan iya kiranka?" Ta ƙarshen tana da muhimmanci, domin idan saƙon ya nuna 'yan fashi ne kuma mutum ya ɓuya, ƙarar waya za ta iya tona masa asiri. A hatsarin mota kuwa, kira kai tsaye ya fi.

Alamar da ke gefen saƙonta za ta nuna mata mataki na gaba. Alama biyu na nufin saƙon ya shiga wayarsa, sai ta roƙe shi ya danna Location ya zaɓi Share live location na awa takwas. Alama ɗaya na nufin bai shiga ba: ko data ta yanke, ko wayar ta mutu. A nan sai ta koma kira da tes na SMS, waɗanda ba sa buƙatar data.

Idan minti biyu zuwa uku sun wuce babu amsa, kada ta zauna jira. Ta kira 112, lambar gaggawa ta Najeriya, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra, ta faɗi hanyar da yake bi, tashar da ya hau mota da lokacin da saƙon ya shigo.

Idan kuma amsar da ta biyo baya lambar asusun banki ce da "turo kuɗi yanzu", ta dakata. Masu kutse a WhatsApp kan yi amfani da irin wannan firgici. Kada ta tura ko kwabo sai ta ji muryarsa a kira, ya kuma amsa tambayar da 'yan gida kaɗai suka san amsarta.