Yadda Ake Hana Ɗan Zanen Talla Sauya Kama

Tun 1898 kamfanin taya na Michelin yake talla da wani ƙaton farin mutum da aka zana jikinsa da tayoyi, mai suna Bibendum. Ko daga nesa aka hango shi a allon talla, an san na waye. Amfanin ɗan zanen talla ke nan: a gan shi a gane shi. To, a nan ne masu haɗa hotuna da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su Midjourney da Stable Diffusion suke shan wahala, domin manhajar ba ta tuna fuskar da ta zana ɗazu.

A ɗauka wani mai sayar da garin kunu yana son hotuna goma na wani yaro mai jar hula da kumatu ɓul-ɓul. Hoto na farko ya fito tsaf. A na biyu hancin ya ƙara tsawo, a na uku kuma hular ta koma ruwan goro, yaron ma kamar ya ƙara shekara biyar.

Dalilin yana cikin yadda hoton yake samuwa. Manhajar tana farawa ne da ɗigo-ɗigo barkatai, irin wanda ake gani a talabijin idan tasha ta ɗauke, sai ta riƙa tace shi mataki-mataki har ya zama abin da aka umarce ta. Wata lamba da ake kira `seed` ita ce ke tsara wannan ɗigo-ɗigo na farko. Idan ba a ba ta ba, manhajar za ta zaɓi sabuwa a kowane karo. A Midjourney lambar tana kamawa daga 0 zuwa 4294967295.

Idan aka kafe lambar, aka bar umarnin da samfurin manhajar da girman hoton yadda suke, hoton da zai fito zai zama ɗaya da na baya, ko kusa da haka. Amma mutane da yawa suna zaton lambar tana ajiye fuskar yaron ne. Ba haka ba ne. Da zarar an sauya umarni daga yaro yana riƙe da kwano zuwa yaro yana gudu a kasuwa, fuskar na iya sauyawa ko da lambar tana nan. Aikin lambar shi ne gwaji: a kafe ta, a sauya kalma ɗaya, a ga abin da kalmar ta jawo.

Abin da ke riƙe kamanni shi ne hoton madogara. A watan Maris na 2024 Midjourney ta fito da `--cref`, inda ake ba manhajar adireshin hoton yaron domin ta riƙa kwaikwayonsa. Tare da shi akwai `--cw`, daga 0 zuwa 100. A 100 tana ɗaukar fuska da gashi da tufafi, a 0 kuwa fuska kaɗai take bi, wanda ya dace idan ana son yaron ya sa kayan sallah. Ga yadda umarnin yake:

```
cartoon boy, red cap, holding a bowl --cref URL --cw 100 --seed 4521 --v 6
```

A samfuri na 7 an maye gurbinsa da `--oref`. Masu Stable Diffusion kuma suna amfani da IP-Adapter, wanda masu bincike na Tencent suka fitar a 2023.

Ƙwararru sukan fara da zaɓar hoto guda mai tsabta: fuska a fili, haske daidai, bayan hoton babu tarkace. Daga shi ake samar da kowane sabon hoto. Babban kuskure shi ne a ɗauki hoto na biyu a haifi na uku da shi, na uku a haifi na huɗu. Kowane karo ɗan bambanci yana shiga, kafin a kai na goma an sami wani yaro dabam. Haka nan jimlar da ke bayyana yaron ba a taɓa ta. Wuri da abin da yake yi kawai ake sauyawa.

Duk da haka, ƙananan abubuwa suna kuɓucewa. Tambarin kamfani a ƙirjin riga, aikin da ke jikin hula da adadin maɓallai sukan fito a karkace ko su ɓace. Hanyar ganewa ita ce a jera hotunan kusa da na asali, a duba tazarar idanu, siffar kunne da launin hula ɗaya bayan ɗaya. Tambari da rubutu kuwa, gara mai zane ya ɗora su da hannu daga baya a Photoshop.

Wanda zai buƙaci hotuna ɗaruruwa ya fi dacewa ya horar da ƙaramin samfuri da ake kira LoRA, da hotunan yaron kamar 20 daga ɓangarori dabam-dabam. Ga mai tallan hotuna goma kuwa, hoton madogara guda mai kyau, umarni marar sauyawa da rubutacciyar ajiya ta lambar da saitin kowane hoto sun wadatar, muddin mutum ya duba kowanne da idonsa kafin a kai wurin bugawa.