Yadda ake gane girman kayan gwanjo idan lamba ta goge ko ta zo da awon wata ƙasa

Dilar gwanjo guda da aka ɓarke a Ƙofar Wambai ta Kano ko a kasuwar Katangua ta Legas tana iya ƙunsar tufafi daga ƙasashe da dama, kuma kowace ƙasa da yadda take rubuta girman kaya. Wasu tufafin an yanke musu lambar wuya, wasu kuma wanki ya goge ta. Tun da yawancin masu sayarwa ba su da wurin gwaji, kuma da wuya su karɓi kayan da aka mayar, asarar takan faɗa kan mai saye.

Lambar da ta rage a jikin tufa tana da amfani idan an san abin da take aunawa. A kwat ɗin maza na Birtaniya da Amurka, lamba 40 tana nufin zagayen ƙirjin mai sawa inci 40. A Jamus da Italiya kuwa lambar rabin zagayen ƙirji ce a santimita, wato lamba 50 ta mai ƙirji santimita 100 ce. Shi ya sa ake cire 10 daga lambar Turai a sami kwatankwacin ta Birtaniya. Kayan Sin sukan zo da rubutu irin 170/92A: lambar farko tsayin mutum ce, ta biyu ƙirjinsa idan riga ce, ko ƙugunsa idan wando ne. A kayan mata abin ya fi rikitarwa, domin lamba 12 ta Birtaniya takan yi daidai da 8 ta Amurka. Haruffan S, M da L su ne mafi rauni, saboda L na ƙasashen Asiya sau da yawa bai wuce M na Turai ba.

Amma ko lambar da aka fahimta tana ba da labarin tufar ne lokacin da take sabuwa. Auduga da ulu sukan tsuke idan an sha wanke su da ruwan zafi, roba tana saki, kuma mai yiwuwa wani tela ya taɓa rage tufar. Saboda haka abin dogaro shi ne a auna tufar kanta. Kafin a fita kasuwa, a ɗauko riga da wando da suka zauna wa mutum daidai, a shimfiɗa su, a auna da tef ɗin tela, a rubuta.

A ɗauki misalin mutum mai zagayen ƙirji inci 40 da ƙugu inci 34. Ya sami riga mai maɓalli wadda ba ta da lamba. Zai ɓalla maɓallan, ya shimfiɗa ta, ya auna daga hammata zuwa hammata. Idan ya sami inci 22, sai ya ninka biyu ya zama 44, wato akwai rarar inci 4 na numfashi da motsi, kuma rigar za ta yi masa. Idan ya sami inci 20, lissafin ya ba da 40 cif, wanda a ido kamar daidai ne, amma rigar za ta matse shi har maɓallan su riƙa buɗewa. Nan ne mutane da yawa suke tafka kuskure, domin sun manta cewa dole riga ta fi jikin mai ita faɗi.

A wando ba a buƙatar rara mai yawa. Bakin ƙugu a shimfiɗe, zif a rufe, ya kamata ya kai inci 17 ga wannan mutumin. Rubutun W34 L32 a jins yana nufin ƙugu inci 34, da tsayin ƙafa inci 32 ta ɗinkin ciki. Sai dai a lura da nisan da ke tsakanin bakin ƙugu da mahaɗar ƙafafu. Wando mai gajeren wannan nisa yana zama ne ƙasa da cibiya, inda jiki ya fi kauri.

Dabarar da aka saba gani a kasuwa, ta zagaya ƙugun wando a wuya, ta ginu ne kan cewa ƙugu yakan kusan ninka wuya biyu. Takan yi wa masu matsakaicin jiki aiki, amma tana yaudarar mai tumbi da mace mai faɗin kwankwaso. Tef ya fi ta, kuma in babu shi, zare da aka ƙulla a daidai awon tufar gida ya wadatar.

Idan awo bai zo daidai ba, a duba abin da tela zai iya gyarawa. Rage tsayin wando ko matse gefen riga abu ne mai sauƙi. Gyaran kafaɗar kwat kuwa yana buƙatar a warware hannu, kuma ba kowane tela ne yake mayar da ita da kyau ba, don haka kwat ɗin da kafaɗarsa ta zarce gara a bar shi. Buɗa tufa ya dogara da rarar yadin da ke cikin ɗinki. A juya wandon a duba ɗinkin baya: wandunan kwat sukan bar rarar da za ta ba da inci ɗaya ko biyu, jins kuwa kusan ba ya barin komai.