Jimla Ɗaya a Fayil ɗin Mara Lafiyar da Ba Ya Iya Cin Abinci

Idan aka kwantar da mutum a asibiti, likita yakan rubuta sunan cutar da ke damunsa. Masanin abincin marasa lafiya kuwa wani abu daban yake rubutawa, wato matsalar cin abincin da shi da kansa zai iya magancewa ko ragewa. Yakan taƙaita ta cikin jimla ɗaya mai gaɓa uku: matsalar, sanadinta, da alamomin da suka tabbatar da ita. Ƙungiyar masanan wannan fanni ta Amurka ce ta shimfiɗa tsarin a shekarar 2003, kuma a cikin fayil ana ganin sunansa da haruffan PES. Gurbin jimlar shi ne mataki na biyu cikin matakai huɗu: bayan bincike, kafin a ɗauki mataki, kafin kuma bibiya.

A ɗauki misalin dattijo mai shekara 62 da aka kwantar saboda ciwon huhu. Bayan kwanaki yana shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, farin ƙuraje sun fito masa a harshe da maƙogwaro, har haɗiyar yawu tana yi masa zafi. Nauyinsa kilo 60 ne, alhali wata guda da ya wuce kilo 63 yake. Masanin ya ƙiyasta buƙatarsa da kalori 30 ga kowane kilo, wato 1,800 a rana. Da aka rubuta abin da ya shiga cikinsa na kwana uku, sai aka ga kunu ne da shayi da 'yan lomomin tuwo, kimanin kalori 700 a rana. Ga yadda jimlar za ta kasance: "Ƙarancin cin abinci ta baki, sakamakon zafin haɗiya daga ƙurajen baki da maƙogwaro, kamar yadda cin kusan kashi 40 cikin ɗari na buƙatarsa tsawon kwana uku da raguwar kilo 3 cikin wata ɗaya suka nuna."

Gaɓar farko ba a ƙirƙiro ta da ka. Akwai jerin sunayen matsaloli da masana suka amince da su, kuma wannan tana ɗauke da lambar NI-2.1. Ba a rubuta ciwon huhu a wurin, domin maganinsa yana hannun likita.

Gaɓa ta biyu ce ta fi wuya, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa akan rubuta "sakamakon rashin sha'awar abinci" a wuce, alhali hakan maimaita matsalar ne da wasu kalmomi. Dattijon nan yana jin yunwa, zafi ne ya hana shi ci. Ana gano haka ne ta hanyar tambayar "me ya sa?" har sai an iso ga abin da za a iya taɓawa. Me ya sa ba ya ci? Haɗiya na yi masa ciwo. Me ya sa? Akwai ƙuraje. Daga nan aikin ya fito fili: a ba shi abinci mai laushi marar yaji, wanda ya huce, kaɗan-kaɗan sau shida a rana, a ƙara wa kununsa madara da gyaɗa, a kuma sanar da likita batun ƙurajen. Da a ce sanadin tashin zuciya ne, ko rashin haƙora, ko hannu ya shanye babu mai ba shi a baki, da sunan matsalar bai sauya ba, amma matakin da za a ɗauka ya sha bamban ƙwarai.

Alamomi kuwa dole su zama abin aunawa, domin da su za a gane ko an samu sauƙi. "Ba ya ci sosai" ba ya aunuwa, amma kalori 700 za a iya sake lissafa shi bayan kwana uku a ga ko ya kai 1,300. Sai dai alƙaluman ma suna yaudara. Kwanon da aka mayar babu komai ba lallai mara lafiyar ne ya cinye ba, wataƙila mai jinyarsa ne, don haka akan tambayi wanda ke zaune a gefen gado, a kuma lissafa abincin da aka kawo daga gida. Kumburin ƙafa ko ruwan da aka ƙara wa mutum yakan ɓoye ramewa a kan sikeli. Sinadarin albumin na jini kuma yakan sauka saboda zafin cuta ko da mutum yana ci, shi ya sa ba a dogara da shi a matsayin shaida.

Idan ƙurajen sun warke, dattijon ya koma cin yawancin buƙatarsa, sai a rubuta cewa matsalar ta kau. Idan kuwa bakin ya warke amma cin bai ƙaru ba, to sanadin da aka rubuta bai cika ba, sai a koma bincike a sake jimlar.