Wasiƙar Ƙin Sabunta Kwantiragi: Ka Fara Duba Kwanan Wata

Kamfanoni da ƙungiyoyin agaji da yawa a Najeriya sun rage ɗaukar ma'aikatan dindindin. Sai su nemi ƙwararre, injiniya ko akanta ko masanin noma, su ba shi kwantiragin wata shida ko shekara ɗaya a matsayin mai ba da shawara, wanda a ofis ake ce wa kwansoltan. Idan wa'adi ya matso, wata gajeriyar wasiƙa takan iso: kamfani yana godiya, amma ba zai sabunta kwantiragin ba, aiki zai ƙare ranar kaza. Mutane da yawa suna karanta ta a matsayin takardar kora, su shiga neman dalili. A doka ba kora ba ce, kuma neman dalilin kan ɗauke hankalin mutum daga wurin da haƙƙinsa yake.

Kwantiragi mai wa'adi da kansa yake mutuwa idan ranarsa ta cika, kamar hayar shago ta shekara ɗaya. Ba dole ba ne kamfani ya faɗi abin da ya sa, kuma yabon da shugaban sashe ya sha yi maka ba alkawarin sabuntawa ba ne. Idan takardar yarjejeniya ba ta ce komai a kan sabuntawa ba, wasiƙar ma karamci ce kawai, don ko ba a aiko ta ba aikin zai ƙare. Inda take da nauyi shi ne inda yarjejeniyar ta ce kwantiragi zai sabunta kansa, sai fa idan ɗaya daga ɓangarorin biyu ya ba da sanarwa a rubuce kafin wasu kwanaki. A nan kwanan wata ne ke yanke hukunci.

Mu ƙaddara wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano ya ɗauki masanin noma daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, 2025, a kan naira 600,000 kowane wata. Wani sashe na yarjejeniyar ya ce za ta sabunta kanta na wata shekara, sai in an ba da sanarwar kwana 30 kafin ƙarewarta. Ke nan dole sanarwa ta fito a kusan 1 ga Disamba ko kafin nan. Kamfani ya rubuta wasiƙa ya sa mata 28 ga Nuwamba, amma ta kwana a teburin wani jami'i, ba ta isa hannun masanin ba sai 8 ga Disamba. An ba da sanarwa a kan kari ko an makara?

Amsar tana cikin wani sashe da kusan kowa ke tsallakewa ranar sa hannu, wato sashen da ya bayyana yadda ake isar da sanarwa. Wasu yarjejeniyoyin sukan ce sanarwa tana fara aiki ranar da aka miƙa ta hannu da hannu. Wasu sukan ce a ɗauka ta isa bayan kwana biyu ko uku da ba da ita ga kamfanin kai saƙo. Wasu sun yarda da imel, wasu ba su yarda ba. Idan ta masanin nan ta ce sai ranar karɓa, to kamfani ya makara da mako guda, kuma yana da hujjar cewa kwantiragin ya riga ya sabunta. Shi ya sa duk wanda aka miƙa wa irin wannan wasiƙa ya kamata ya rubuta ranar da ya karɓa kusa da sa hannunsa, ya riƙe kwafi. Ya kuma karanta abin da yake sa wa hannu da kyau. Shaidar karɓar wasiƙa daban, takardar da ke cewa ba ka bin kamfani komai daban, kuma wani lokaci ana cusa su a shafi ɗaya.

Sai dai kada masanin ya yi saurin lissafa naira miliyan 7.2 na sabuwar shekara. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi suna da wani sashe da ya ba kowane ɓangare damar yanke kwantiragi a kowane lokaci da sanarwar wata ɗaya. Idan akwai shi, kamfanin da ya makara zai iya amfani da shi washegari, abin da masanin zai samu bai wuce kuɗin kusan wata guda ba. Idan babu shi ne magana take girma, domin ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce wanda aka yanke wa kwantiragi mai wa'adi ba bisa ƙa'ida ba yana iya neman kuɗin ragowar wa'adin a matsayin diyya. Wannan ƙa'idar ce kuma ke aiki idan wasiƙa ta zo da sunan ƙin sabuntawa a watan Satumba amma ta ce a daina zuwa aiki daga gobe, ba tare da biyan sauran watanni ba. Wannan yankewa ce kafin wa'adi, ko da wane suna aka sa mata.

Akwai tambayar da ta fi waɗannan zurfi: mutumin nan kwansoltan ne da gaske, ko ma'aikaci ne da aka canza wa suna? A shari'ar Shena Security da Afropak ta 2008, Kotun Ƙoli ta zayyana abubuwan da ake dubawa, ciki har da ko albashi ake biya ko ladan aiki, wa ke ba da kayan aiki, wa ke tsayar da lokutan zuwa da tashi, da ko mutum zai iya sa wani ya yi aikin a madadinsa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya ba hurumin shari'o'in ƙwadago, takan duba yadda hulɗar take a zahiri fiye da sunan da ke kan takarda. A ganina zalunci ne a ajiye mutum shekara biyar yana zuwa ƙarfe takwas kullum, yana neman izini kafin ya je jana'iza, ana sabunta masa kwantiragi duk Janairu, don kawai a guje wa fansho da haƙƙin sallama. Mai irin wannan hali ya ga lauya kafin ya amsa wasiƙar. Amma wanda ke da abokan hulɗa uku, yana aiki da kwamfutarsa a lokacin da ya ga dama, hulɗarsa ta kasuwanci ce, takardar yarjejeniya ce kariyarsa.

Kwanakin da suka rage na haɗa lissafi ne. Masanin namu ya miƙa takardar neman biyan watan Disamba tun yana da katin shiga ofis, tare da rasit na tafiye-tafiyen da ya yi wa kamfani da kuɗinsa. Za a cire masa harajin kashi 5 cikin 100 tun daga tushe, wato naira 30,000 daga 600,000, ya karɓi 570,000. Kuɗin da aka cire nasa ne, an biya masa ne a gaba ga hukumar harajin jiha, don haka ya nemi shaidar biya ta duk watanni 12, jimlar naira 360,000, don a rage masa ita daga harajinsa na shekara. Kayan kamfani da rahotanni kuwa a miƙa su da jerin sunayensu a rubuce, mai karɓa ya sa hannu. Alkawarin riƙe sirrin kamfani galibi yana nan daram bayan wa'adi ya ƙare.

Sau da yawa manaja yakan kira bayan 31 ga Disamba ya ce, "Malam, don Allah ka taimaka ka ƙarasa mana rahoton nan, za mu san yadda za a yi." Aikin da aka yi bayan wa'adi ba tare da takarda ba shi ne mafi wuyar karɓar kuɗinsa, domin sashen kuɗi zai ce ba shi da kwantiragin da zai biya a kansa. Kafin a taɓa rahoton, a nemi ko da imel mai layi uku ne daga wanda ke da ikon sa hannu, ya faɗi aikin, ranar gamawa da kuɗin da za a biya.