Cire bango daga hoton ɗigo-ɗigo ba tare da ɓata gefensa ba

'Yan hotunan nan na tsofaffin wasannin bidiyo irin su Mario, ɗigo-ɗigo ake zana su, kowane ɗigo da launinsa. Wani gaba ɗayansa ɗigo 32 ne a tsaye, 32 a kwance. Shi ya sa gefensa yake kamar matattakala, kuma a nan kyansa yake. Matsalar ita ce, yawancin kayan cire bango don hoton kyamara aka yi su, inda ake son gefe ya yi laushi. Da ka sake musu, sai su gauraya launin bango da na hoton, su bar maka wani dishi-dishi a kewaye.

Mu ɗauka kana da irin wannan hoto a kan bango ruwan hoda mai ƙarfi, wanda lambarsa `#FF00FF`. Masu haɗa wasa sun daɗe suna zaɓar wannan launi don ba kasafai yake shiga cikin zane ba. Buɗe hoton a manhajar GIMP, ka fara da `Add Alpha Channel`, in ba haka ba duk inda ka goge wani launi ne zai cike gurbin. Sai ka ɗauki `Select by Color`. Kafin ka taɓa komai, kashe `Antialiasing` da `Feather edges`, ka mayar da `Threshold` daga 15 zuwa 0. Ma'anar sifirin ita ce ainihin launin da ka taɓa kaɗai za a ɗauka, ban da makusantansa. Danna bangon, ka danna `Delete`, sannan ka cire zaɓin da `Select > None`.

Amma fa a kula. Idan bangon fari ne, idanun ɗan wasan ma farare, tare za su tafi. A nan `Fuzzy Select` ya fi, don ɗigon da ke manne da juna kawai yake bi. Sai dai zai tsallake bangon da ya maƙale tsakanin hannu da jiki, dole ka bi shi da kanka.

Kada ka yarda da idonka tukuna. Zuƙo hoton zuwa 800%, ka shimfiɗa baƙin launi a ƙarƙashinsa, sannan kore. Duk ɗigon da ya ɓuya zai fito fili. Goge shi da `Eraser` bayan ka kunna `Hard edge`.

In ka ga ɗaruruwan ɗigo masu kama da juna sun ƙi fita, akwai alamar an taɓa adana hoton a JPEG, wanda yake dagula launuka a bakin zane. A ganina, neman asalin hoton ya fi sauƙi a kan zaman tsintar ɗigo. Kai ma in ka gama, adana naka a PNG, don JPEG ba ya riƙe wurin da babu launi.