Kukan Magariba: Jariri Mai Murɗar Ciki

Wata uwa daga Zangon Wagadugu ta kawo mana ɗanta mai kwana 40, idanunta jajur don rashin barci. Ta ce kullum da an yi la'asar sai ya soma kuka, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, ba ya yin shiru sai bayan isha'i. Maƙwabta sun ce ciwon cibiya ne, kakarsa kuwa ta ce nonon ne bai ƙoshi ba.

Muka ɗora shi a ma'auni. An haife shi da kilo 3, ranar ya kai kilo 4 da 'yan kai. Jikinsa ba zafi, cikinsa da laushi, yana jiƙa tsumma fiye da sau 6 a yini, da safe kuma yana shan nono lafiya ƙalau. Wannan shi ne ake kira murɗar cikin jarirai. Tun 1954 wani likitan yara a Amurka, Morris Wessel, ya ba da ma'auninsa: kukan da ya wuce awa 3 a yini, kwana 3 a mako, har mako 3, a jaririn da yake ƙoshi yana kuma girma. Yakan fara wajen mako na biyu, ya yi tsanani a mako na shida, ya lafa da kansa a wata na uku ko na huɗu.

Ki lura da lissafin nan. Mako na shida ya zo daidai da arba'in, lokacin da mai taya ki jego take komawa gidanta. Wato kukan yana kai ƙarshen ƙarfinsa ranar da aka bar ki ke kaɗai.

Abin da muka nuna wa uwar nan, ke ma za ki iya. Ki bar shi ya shanye nono ɗaya kafin ki juya shi ga ɗayan. Ki tabbata bakinsa ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, don in kan kaɗai ya kama, iska yake haɗiya. In ya gama, ki ɗora shi a kafaɗa kina shafa bayansa har ya yi gyatsa. In kukan ya taso, ki kifa cikinsa a kan hannunki, kansa wajen gwiwar hannun, kina zagaya tsakar gida a hankali, ko ki goya shi. Ki rage hayaniyar rediyo da hasken fitila. Wata rana ya yi shiru, wata rana ba abin da zai yi aiki, kuma ba laifinki ba ne.

Ni dai kukan bai cika ba ni tsoro ba kamar maganin da ake yi masa. Jiƙon saiwa, ruwan zafi da ake ɗura wa jariri ta baki ko ta dubura, tsaga a ciki, cire beli: duk suna iya kawo zawo, zubar jini ko shigar ƙwayar cuta. Zuma ma kada a ba shi sai ya cika shekara. Nono kaɗai ya ishe shi har wata 6, ko a zafin watan Afrilu.

Akwai daren da za ki ji zuciyarki ta kawo wuya. In haka ta faru, ki kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, ki fita ƙofar ɗaki minti 10, ki sha ruwa, sannan ki dawo. Kukan minti 10 ba zai cuce shi ba. Amma girgiza shi da ƙarfi, ko sau ɗaya, na iya fasa jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwarsa, ya makance ko ya mutu. Kai kuma maigida, kada ka tsaya daga waje kana cewa a rarrashe shi. Ka karɓe shi awa guda bayan magariba, ita ta ci abinci ta runtsa. Uwar da ta daina jin daɗin komai, tana kuka ita ma kullum, a kawo mana ita.

Ba kowane kuka ne murɗar ciki ba. Kada ku jira gari ya waye in jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, in ya ƙi nono, in ya yi amai kore, in kun ga jini a kashinsa, ko cikinsa ya kumbura ya yi tauri, ko maɗigarsa ta taso, ko wani ƙullutu ya fito a matsematsinsa. Ku nufi asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin yara na Charles de Gaulle. Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a asibitocinta.

Uwar nan ta dawo rigakafi da yaron yana wata 3. Ta ce kukan ya koma na rabin awa, kakarsa kuma har yanzu tana cewa addu'arta ce.